A yanke ko a sake gini? Hanyoyi biyu na rage rubutun ƙasan fim

Baki ya fi ido sauri. Wannan ita ce matsalar duk mai sanya rubutu a ƙasan fim, ko fassara yake yi ko kuwa Hausar da ake faɗa yake rubutawa saboda kurame da masu kallo a waya ba tare da sauti ba. Ɗan wasa zai zuba magana ya wuce, rubutun kuma dole ya ɗauke tare da shi, ko mai kallo ya gama karantawa ko bai gama ba. Saboda haka dole a rage. Masu wannan aiki suna da hanya biyu: ko su yanke wani sashe na maganar su bar sauran yadda aka faɗe shi, ko su rushe jimlar su sake gina ta a taƙaice.

Kafin a auna su, sai a san filin da ake da shi. Ana lissafin saurin karatu ne da yawan haruffa a daƙiƙa ɗaya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da alamomin rubutu. Tsohuwar ƙa'idar gidajen talabijin na Turai ita ce cikakkun layi biyu su zauna daƙiƙa 6, wato kusan harafi 12 a daƙiƙa. Netflix kuwa, a rubutun Ingilishi, tana yarda da harafi 20 ga manya da 17 ga yara, layi kada ya wuce harafi 42, layuka kada su wuce biyu, rubutu kuma kada ya zauna fiye da daƙiƙa 7. A ganina 20 ya yi yawa ga mai kallon finafinan Kannywood a ƙaramar waya, wanda ya fi sabawa da jin Hausa a kan karanta ta a guje. Na fi natsuwa da 15.

Ga misali. Mata ce ta tare mijinta a bakin ƙofa, ranta a ɓace, ta ce: "Wallahi Malam, ni dai na gaya maka tun jiya, idan ba ka kawo kuɗin makarantar yaran nan ba, gobe ba za su je ba." Ta faɗe shi cikin daƙiƙa 5. Harafi 112 ne, wato sama da 22 a kowace daƙiƙa, kuma ko layi biyu ba za su ɗauke shi ba. Idan 15 muke bi, harafi 75 kawai muke da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na maganarta sai ya tafi.

Mai yankewa zai ɗauke rantsuwar, da kiran "Malam", da "ni dai na gaya maka tun jiya", ya bar wannan:

```
00:12:04,000 --> 00:12:09,000
Idan ba ka kawo kuɗin makarantar yaran ba,
gobe ba za su je ba.
```

Harafi 62 ke nan, kuma kowace kalma daga bakinta ta fito. A lura har "nan" ya cire, ba don ƙarancin lokaci ba. Da ya bar ta, layin farko zai cika kafin "ba" ta rufe korewa ta samu wuri, sai ta gangara layi na biyu ta haɗu da wasu "ba" guda biyu, ido ya rikice. Hausa tana kore magana da "ba" a gaba da "ba" a baya, kuma mai gaggawar yanka yakan jefar da ta ƙarshen, jimla ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Ƙarfin wannan hanya shi ne aminci ga kunne. Wanda yake jin Hausa yana karantawa yana kuma saurare, idan abin da ya gani ya yi daidai da abin da ya ji ba ya tuntuɓe. Kurman da ke bin motsin leɓe shi ma haka. Tana kuma da sauƙi a wurin da hoto ya riga ya yi magana. Doguwar gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, duk mai kallo yana ganin mutum biyu sun durƙusa suna musabaha, layi ɗaya ya wadatar.

Amma a duba abin da aka yi wa matar nan. Zafin maganarta ba a kuɗin yake ba, a "tun jiya" yake. Tana cewa ne ta riga ta faɗa an yi biris da ita. Da aka yanke wannan, sai ta koma mai ba da sanarwa, alhali fuskarta a allo ta mai ƙorafi ce. Wanda ba ya jin sauti zai ga mace tana huci a kan jimlar da ba ta kai ta huci ba.

Mai sake gini zai tambayi kansa me take nufi, sannan ya rubuta: "Tun jiya na ce ka kawo kuɗin makaranta," a layin farko, "in ba haka ba gobe yara na gida." a na biyu. Harafi 71, kimanin 14 a daƙiƙa. Ƙorafin ya tsira, umarnin ya tsira, barazanar ma tana nan. Abin da aka rasa shi ne lafazinta, domin ba ta ce "yara na gida" ba, marubucin ne ya sa mata a baki.

A nan haɗarin wannan hanya yake, kuma ina ganin ya fi na farko girma, domin ba ya bayyana da wuri. Mai sake gini yana da salon maganarsa, kuma idan bai yi hattara ba kowa a fim ɗin zai koma magana irin tasa. Tsohuwar ƙauye, da ɗan kasuwar Kwari, da ɗalibar jami'a, duk su fito da murya ɗaya mai santsi. Karin magana ne ke fara shan wahala: tsoho ya yi wa ɗansa hannunka mai sanda, a rubuta "ka yi hankali", a kashe dattakun da ya sa bai fito fili ya faɗa ba. Sannan aiki ne mai cin lokaci, ga kuma sauƙin kuskure, domin wanda bai kalli fim ɗin har ƙarshe ba zai iya sauya kalmar da labari zai dawo kanta daga baya.

Ni dai nakan fara da yankewa, in kuma tsaya a kanta muddin abin da zai tafi hoto ko murya sun riga sun isar da shi: maimaici, in'ina, "to", "ai", "ka gane", sunan wanda ake kallo ido da ido. Ko a nan ma da sharaɗi. Idan yarinyar da kullum take cewa "Yaya" yau ta kira wanta da gatsal ɗin sunansa, wannan sunan shi ne labarin, ba a taɓa shi. Sai idan yankewa za ta tafi da dalilin maganar, kamar yadda ta yi wa matar bakin ƙofa, sannan nake komawa ga sake gini, shi ma da kalmomin mai maganar gwargwadon iko.

Kafin duka biyun akwai ɗan abin da ake mantawa, wato neman ƙarin lokaci. Idan matar ta yi shiru kuma kyamara ba ta sauya ba, ana iya barin rubutun ya ƙara rabin daƙiƙa, a samu wurin harafi bakwai ko takwas, wanda zai iya dawo da "Malam". Idan kuwa hoto ya sauya, a ɗauke rubutun, domin rubutun da ya tsallaka sabon hoto yakan sa ido ya ɗauka sabo ne ya koma farkonsa.

Manhajoji irin su Subtitle Edit da Aegisub suna nuna lissafin haruffan kowane layi, suna kuma ja masa launi idan ya wuce kima. Abin da ba sa iya nunawa shi ne ko mai kallo ya samu damar ɗaga ido ya ga fuskar matar. Wannan sai a kashe sauti, a miƙa wayar ga wanda bai san labarin ba, a tambaye shi bayan fitowar: me ta ce, kuma me ya ɓata mata rai? Idan ya amsa ta farko ya kasa ta biyu, a koma kan layin.