Ranar da Manomi Ke Barin Tumatir a Gona

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin Janairu da Maris ya san yadda Kwanar Gafan ke cika da kwandunan tumatir daga gonakin rani na Kadawa da Kura. A shekarar da amfani ya yi yawa, akan ga wani abin ɗaure kai: gona ta yi ja wur, amma mai ita ya ƙi tsinka, ya bar ta tana ruɓewa. Ɗan birni kan kira wannan almubazzaranci. Sau da yawa kuwa lissafin manomin daidai yake, kuma shi ne lissafin da ake koya wa ɗaliban tattalin arziki a shekararsu ta farko.

Farkon abin lura shi ne manomin ba ya sa farashi. Kwandonsa talatin ne cikin dubbai, tumatirinsa kuma bai bambanta da na maƙwabcinsa ba. Idan ana sayar da kwando naira 6,000 ya ce shi sai 6,500, dillali zai wuce gaba. Ba shi kuma da dalilin karya farashi, tunda duk abin da ya kawo za a saye a kuɗin kasuwa. Irin wannan yanayi masana ke kira cikakkiyar gasa. Abu ɗaya ya rage a hannun mai gona: kwando nawa zai tsinka.

A ƙaddara wani manomi, da alƙaluma na misali kawai. Ya riga ya kashe naira 400,000 kan hayar gona, iri, taki da man injin ban ruwa. Yana sa ran tsinka sau goma, ke nan kowace tsinka na ɗauke da nauyin 40,000. A ranar tsinka yana biyan mota 30,000, ko ta cika ko ba ta cika ba. Kwando goma na farko, inda 'ya'yan suka yi cunkoso kusa da bakin hanya, kowanne na cin 2,000 tsakanin kuɗin kwando, ladan masu tsinka da dako. Goma na biyu 3,000. Daga nan aiki ya fara tsauri: rana ta take, an nausa cikin gona, 'ya'yan sun yi ɗai-ɗai, sai an tsaya ware ruɓaɓɓu. Goma na uku sun koma 5,000 kowanne, na huɗu 8,000.

Kasuwa na kan 6,000. Kwandon da ya ci 5,000 ya bar masa dubu ɗaya, don haka ya cancanci a tsinke shi. Wanda zai ci 8,000 kuwa zai cire dubu biyu daga aljihunsa. Idan ya tsaya a ashirin, cinikinsa 120,000, abin da ya kashe a ranar 80,000, saura 40,000. Idan ya kai talatin, ciniki 180,000, kashewa 130,000, saura 50,000. Idan kwaɗayi ya ja shi zuwa arba'in, ciniki ya hau 240,000, amma kashewa ta kai 210,000, abin da ya rage ya sauko 30,000.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da masu boko. Wanda ya raba 210,000 gida arba'in zai samu 5,250 a kowane kwando, ya ce ai bai kai 6,000 ba, da sauran riba. Gaskiya ne, sai dai wannan rabon ya ɓoye cewa arahar kwandunan safe ce ke rufa wa na yamma asiri. Abin da ya kamata a auna da farashi shi ne kuɗin da kwando na gaba zai ƙara a kan abin da aka riga aka kashe. Muddin farashi ya fi wannan ƙarin, a ci gaba. Da zarar ƙarin ya zarce farashi, a dakata. A misalin nan tsadar tana tsalle goma-goma, amma da za a bi ta kwando-kwando, za a ga tana hawa sannu a hankali har ta taɓa 6,000, kuma a daidai wurin ake tsayawa. Shi ne abin da littattafai ke rubutawa P = MC, wato farashi ya yi daidai da tsadar ƙarin kwando ɗaya.

To, sai motoci suka yi ta shigowa, kwando ya faɗo 4,500. Yanzu goma na uku ma ba su biya ba, sai ya tsaya a ashirin: ciniki 90,000, kashewa 80,000, saura 10,000. Idan aka ɗora nauyin 40,000 ɗin nan, ya yi asarar 30,000 a ranar. Duk da haka tsinkawa ta fi, domin in ya zauna a gida asararsa 40,000 ce cif. Takin da aka zuba ba ya dawowa, mai gona kuma ba zai mayar da kuɗin haya ba. Tun a 1890, cikin littafinsa kan tushen ilimin tattalin arziki, Alfred Marshall na Jami'ar Kambirij ya raba kuɗin da ke tafiya tare da aikin yau da kuɗin da ke kan mutum ko ya yi aiki ko bai yi ba, ya kuma nuna cewa a ɗan gajeren lokaci mai sana'a kan yarda da farashin da ya rufe na farkon kaɗai.

Amma akwai iyaka. A wannan gona, mafi arahar da za a iya kai kwando kasuwa, in an haɗa da kuɗin mota, ita ce 4,000, a kwando ashirin. In goma ne kawai, mota ta yi musu nauyi, kowanne ya kama 5,000. In talatin ne, ya ɗan haura 4,300. Saboda haka ranar da farashi ya sauka 3,500, babu adadin da zai fid da shi. Ashirin za su kawo 70,000 bayan sun ci 80,000. Fita kasuwa ta zama ƙarin asarar 10,000 a kan wadda ake ciki. A ranar ce ake barin tumatir a gona, ko a yanka shi a shanya a yi kauɗa idan akwai hannun da zai yi aikin da araha.

Dakatar da tsinka daban, barin noman tumatir daban. Kafin a zuba iri na baɗi, babu kuɗin da ya riga ya tafi, komai zai shiga lissafi. A misalin nan, in aka haɗa duka, kwando ba ya tashi ƙasa da kusan 5,700. Manomin da ke hasashen kasuwa za ta zauna ƙasa da haka zai juya ga albasa ko alkama. In masu juyawa suka yi yawa, kaya ya ragu, farashi ya ɗaga, baɗin baɗaɗa kuma a sake rububin tumatir.

Ka'idar ba ta zama daram a kowace kasuwa. Tumatir mai tauri da ke jure tafiyar Legas ya fi mai ruwa kuɗi, kuma manomin da dillali ya ba rancen taki ba shi da 'yancin zaɓar mai saye. Wani lokaci ma dakatawar kanta na da tsada: gonar da aka daina ba ruwa yau ba za ta bayar da komai ba idan kasuwa ta farfaɗo mako biyu masu zuwa, shi ya sa wasu ke ci gaba da kunna inji ko da ba sa tsinka. Haka ya faru da masu haƙar mai a Amurka a Afrilun 2020, lokacin da farashin ɗanyen mai ya rushe har wata kwangila ta faɗa ƙasa da sifiri a ranar 20 ga watan: wasu sun rufe rijiyoyinsu, wasu suka ci gaba da haƙa bisa asara don gudun kuɗin rufewa da sake buɗewa.

Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. A 2016, da tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashin kwando ya ninka sau da yawa. Wanda gonarsa ta tsira a shekarar, kwandon can ƙarshen gona mai tsadar tsinka, wanda a da ake tsallakewa, shi ma sai da ya hau mota.