Jimillar da ke Komawa Farko Idan Kaya Ya Sauya

Duk mai riƙe da littafin shago ya san jimilla mai tafiya: kowane layi a ɗora adadinsa a kan na sama, har a sauka ƙasan shafi. A manhajar Excel ko Google Sheets wannan ba wuya. Inda ake tsayawa ana sosa ƙeya shi ne lokacin da ake son lissafin ya koma farko da zarar an gama da wani kaya an shiga wani.

Mu ɗauki ɗan kasuwar hatsi da ke rubuta buhunan da suka fita daga sito. Jerin A na sunan kaya ne, B na yawan buhuna, C kuma na jimilla. Layi na 1 na kanun jeri ne. Layi na 2 zuwa na 4 duk masara ce: buhu 10, 15, sai 5. Layi na 5 da na 6 gero ne, 8 da 12. A gidan C2 sai ya rubuta wannan fomula, ya ja ta zuwa ƙasa:

```
=IF(A2=A1,C1+B2,B2)
```

Tambaya ɗaya fomular take yi a kowane layi: kayan nan iri ɗaya ne da na layin sama? In haka ne, ta ɗauki jimillar sama ta ƙara buhunan wannan layin. In ba haka ba, ta watsar da abin da ya wuce ta fara da buhunan layin kaɗai. Don haka masara za ta ba da 10, 25, 30, da an iso gero kuma a ga 8, sannan 20. Wanda Excel ɗinsa na Faransanci ne, kamar yadda ake yawan samu a Nijar, SI zai rubuta a madadin IF, ya kuma raba sassan da alamar ; maimakon waƙafi.

To, yanzu a ce a layi na 7 an sake sayar da masara buhu 20. Fomular ba ta ganin komai sai layin da ke bisa kanta. Gero ta gani, saboda haka 20 za ta rubuta, kamar ba a taɓa fitar da masara ba. Wannan ba kuskure ba ne, abin da aka sa ta ke nan. Amma idan abin da ɗan kasuwar yake nema shi ne yawan masarar da ta fita tun safe, wata fomula ce ta dace:

```
=SUMIF($A$2:A2,A2,$B$2:B2)
```

Alamar $ ita ke kafe farkon lissafin a layi na 2, ƙarshensa kuwa yana sauka tare da fomular. A layi na 7 za ta waiwayi duk layukan baya, ta tsinci na masara kawai, ta ba da 50. Muddin kowane kaya yana haɗe wuri guda, fomulolin biyu amsa ɗaya suke bayarwa, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar su abu guda har ranar da wani kaya ya dawo a tsakiya. A ganina kafin a taɓa kwamfuta ya kamata mutum ya yanke shawara: sabon farawa yake so duk sanda suna ya sauya, ko ci gaba daga inda wannan kayan ya tsaya?

Sauran matsalolin daga rubutun sunaye suke fitowa. Excel ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami a nan ba, Masara da masara duk ɗaya ne a wurinta. Amma gyaɗa da gyada kaya biyu ne, domin ɗ da d baƙaƙe ne daban. Idan yaron shago yana rubutu da lanƙwasa, maigida kuma ba ya yi, jimilla za ta riƙa karyewa a tsakiyar kaya ɗaya. Haka ma tazarar da yatsa ya bari bayan kalma, wadda ido ba ya gani. TRIM ce ke share ta.

Akwai kuma al'adar littafin takarda, ta rubuta sunan kaya sau ɗaya a sama a bar gidajen ƙasa fayau. Alamarta a bayyane take: maimakon 10, 25, 30 sai a ga 10, 15, 20. Gida marar komai ya sha bamban da masara, sai fomular ta sake farawa a layi na 3, buhu 10 na farko suka ɓace daga lissafi. Maganin shi ne a cika sunan a kowane layi.

Idan kuma aka goge layi ɗaya daga tsakiya, fomular farko za ta rasa gidan da take dogaro da shi, sai #REF! ya bayyana ya bi layukan wannan kayan zuwa ƙasa. Ba sai an sake rubuta komai ba: a koma C2, a sake jan fomular har ƙarshen jerin.