Yadda Kwamfaila Ke Yanka Rubutu Kalma-Kalma

Idan mai rubuta manhaja a yaren C ya rubuta `dogo = 5;`, kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da rubutunsa umarnin da na'ura ke ganewa, jerin haruffa kawai take gani. Aikinta na farko shi ne ta yanka jerin nan gaɓa-gaɓa: suna, alamar daidai, lamba, sai alamar rufewa.

Mai yin yankan wata 'yar dabara ce da ake kira otomata. Tana da matsayai ƙididdigaggu, kuma kowane harafi ta karanta, shi ke gaya mata matsayin da za ta koma. An yi wa wasu matsayan shaida cewa duk wanda ya iso nan, ya haɗa cikakkiyar gaɓa.

To, a ina za ta sa wuƙa? Da ta karanta `d` da `o`, ta riga ta sami `do`, kalmar da C ya keɓe don maimaita aiki. Da za ta yanke a nan, da sunan ya rabu biyu, ma'ana ta lalace. Shi ya sa aka kafa doka: a ɗauki gaɓa mafi tsawo da za ta yiwu. Otomata takan riƙe wurin da ta sami cikakkiyar gaɓa ta ƙarshe, ta ci gaba da tafiya har sai hanya ta toshe, sannan ta dawo wurin ta yanke. A misalinmu, sararin da ke bayan `dogo` ne ya tsayar da ita, sai ta miƙa sunan ɗungurungum.

Idan kuwa `do` ce kaɗai, ta dace da suna, ta kuma dace da keɓaɓɓiyar kalma, tsawo ɗaya. Lex, manhajar da Mike Lesk da Eric Schmidt suka rubuta a Bell Labs a 1975, tana raba gardamar da fifita ƙa'idar da aka fara rubutawa. Don haka ake jera keɓaɓɓun kalmomi kafin ƙa'idar sunaye.

Sai dai dokar ba ruwanta da nufin marubuci. Dubi wannan:

```
a+++++b
```

Mai rubutun yana nufin `a++ + ++b`, wanda ba shi da aibu. Amma otomata za ta kwashi `++`, ta sake kwasar `++`, ta bar `+` guda. Sakamakon, `a ++ ++ + b`, ya saɓa wa ƙa'idar C, sai kwamfaila ta ƙi shi. Saƙon kuskuren ba zai ambaci yanka ba, domin sai a mataki na gaba matsalar ke fitowa fili.

Haka masu C++ suka yi ta fama da `vector<vector<int>>`, inda ake ɗaukar `>>` a matsayin alama guda, har sai da C++11 ya kawo gyara. Kafin nan, maganin shi ne a rubuta `> >`. Duk layin da ka ga daidai yake amma kwamfaila ta ƙi shi, fara da duba alamomin da suka manne da juna, ka raba su da sarari.