Wutsiyar Adireshin Shafi: Yadda Ake Zaɓenta da Lokacin da Sauya Ta Ke Buƙatar Karkatarwa

Kowane shafi a intanet yana da adireshinsa, kuma adireshin kashi-kashi ne. A cikin `https://example.com/noma/adana-albasa`, kashin farko sunan gidan yanar gizon ne, `noma` sashen da aka ajiye rubutun, sai `adana-albasa` wanda ya keɓe wannan shafi daga sauran 'yan uwansa. Wannan kashi na ƙarshe shi ne wutsiyar adireshi. Masu wallafa da manhajar WordPress suna ganin sa a akwatin da aka rubuta wa `Slug`. Manhajar kan cike akwatin da kanta daga kanun rubutu, kuma mafi yawan marubuta ba sa ko duba abin da ta cike. Daga nan matsalar ke farawa, domin kanu ana iya gyara shi kowace rana ba tare da asara ba, amma adireshi da zarar ya fita, ya shiga wayoyin mutane, da zaurukan WhatsApp, da ma'ajiyar Google, wuraren da mai shafin ba shi da ikon taɓawa.

Wutsiya mai kyau takan faɗi abin da shafin ya ƙunsa da kalmomi biyu zuwa biyar, ta bar duk abin da zai iya sauyawa nan gaba. A ɗauka wata mujallar noma ta buga rubutu mai kanu "Hanyoyi 7 da 'Yan Kasuwa Ke Adana Albasa Kafin Farashi Ya Tashi a 2023". Idan aka bar wa manhaja, za ta jera dukkan kalmomin nan a adireshi. Mai lura zai fara cire 7, domin wata rana edita zai ƙara hanya ta takwas, adireshin ya koma yana ƙarya. Zai cire 2023, domin ana adana albasa kowace shekara, kuma rubutun zai amfani manomi bayan shekara biyar. Ƙananan kalmomi irin "da", "ke" da "a" ba su ƙara komai. Abin da ya rage shi ne `adana-albasa`. Shekara tana da gurbi a adireshin labarin da ya ɗauru da lokacinsa, kamar kasafin kuɗin wata shekara ko sakamakon wani zaɓe, inda ita ce ke bambanta shi da na bara.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Ana rubuta komai da ƙananan baƙaƙe, saboda sabar da ke aiki a kan Linux tana iya ɗaukar `/Albasa` da `/albasa` a matsayin wurare biyu. Ana raba kalmomi da karan ɗori, wato `-`, wanda Google ya fi so a kan `_`. Ba a barin fili tsakanin kalmomi, domin fili yakan rikiɗe ya zama `%20`.

Inda mai rubutun Hausa ke da aiki na musamman shi ne haruffa masu ƙugiya. Tsarin adireshin intanet an gina shi ne a kan baƙaƙen boko marasa ƙugiya, da lambobi, da wasu 'yan alamomi. Duk harafin da ba ya cikinsu sai an mai da shi lambobi kafin ya bi ta waya. Don haka ƙ yakan zama `%C6%99`, ɗ ya zama `%C9%97`, ɓ ya zama `%C9%93`. Shafi a kan marinar Ƙofar Mata ta Kano zai iya fitowa daidai a saman burauza, amma idan aka kwafe adireshin aka liƙa a saƙo, sau da yawa abin da mai karɓa ke gani shi ne `marinar-%C6%99ofar-mata`. Adireshin yana aiki, sai dai ba mai iya karanta shi a rediyo, kuma mai wayar da ba ta da madannin Hausa ba zai iya buga shi ba. Shi ya sa ya fi dacewa a sauke ƙugiya a wutsiya kawai, a rubuta `marinar-kofar-mata`, a bar cikakkiyar ƙa'idar rubutu a kanu da jikin rubutun, inda take da muhallinta. Alhamza ma ana cire ta: "sana'a" ta zama `sanaa`, "'yan kasuwa" su zama `yan-kasuwa`. Sauke ƙugiya yana iya kawo ruɗani, domin `baki` ba ya nuna ko baƙi ake nufi ko baki. Maganinsa ƙarin kalma ɗaya, kamar `karbar-baki` ko `ciwon-baki`. Wajibi ne kuma a duba abin da manhajar ta yi da waɗannan haruffa kafin a danna wallafa, domin manhajoji sun bambanta: wata ta mai da su lambobi, wata ta sauke ƙugiyar, wata ta jefar da harafin gaba ɗaya.

Game da tsohon adireshi, tambaya ta farko ita ce ko akwai dalilin taɓa shi. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya yi wani gajeren rubutu a 1998 da ke nuna cewa kyan adireshi shi ne kada ya sauya. Tsawo kaɗai ko rashin kyan gani ba su isa dalili ba idan shafin ya daɗe kuma mutane sun saba da shi. Dalilan da suka isa su ne irin waɗannan: adireshin yana ɗauke da kuskuren da ke ɓata ma'ana ko sunan mutum, an haɗe rubutu biyu sun zama ɗaya, an sake fasalin sassan gidan, ko an koma sabon suna gaba ɗaya.

Idan sauyin ya zama dole, ma'aunin karkatarwa guda ɗaya ne: shin tsohon adireshin ya taɓa fita waje? Rubutun da ke matakin zayyana, wanda ba a wallafa ba, ana iya sauya masa wutsiya sau goma ba a yi komai ba. Amma wanda aka wallafa, ko da na awa ɗaya ne, mai yiwuwa an riga an tura shi a saƙo ko injin bincike ya ɗauke shi. Wanda aka buga a takarda, a jikin kwali ko cikin lambar QR, wannan ba ya dawowa har abada. Duk waɗannan suna buƙatar karkatarwa, wato umarnin da ake bai wa sabar cewa duk mai neman tsohon adireshi a miƙa shi ga sabon, kamar ɗan kasuwar da ya tashi daga rumfa ya bar sallahun inda ya koma. In ba a yi ba, mai ziyara zai ci karo da `404`, amsar da ke nufin ba a sami shafin ba.

Karkatarwa iri-iri ce, kuma lambar da sabar ta bayar ce ke bambanta su. `301` na nufin an ƙaura ke nan, don haka injin bincike yakan maye gurbin tsohon adireshi da sabon a sakamakonsa. `302` na nufin kaucewa ce ta ɗan lokaci, a ci gaba da riƙe tsohon. Akwai `308` da `307`, takwarorinsu na dindindin da na wucin gadi, waɗanda ke tabbatar da cewa bayanan da mutum ya cike a fom sun isa sabon wurin yadda aka aiko su. Ga rubutun mujalla da aka sauya wa wutsiya, `301` ce daidai. Sai dai a yi hattara da ita, domin burauza takan riƙe ta a ƙwaƙwalwa. Wanda ya sa `301` zuwa wurin da ba daidai ba, ko ya gyara daga baya, wasu masu ziyara za su ci gaba da faɗawa can na wani lokaci. Saboda haka ake fara gwaji da `302`, sai an tabbatar a mai da ita `301`.

A koma ga rubutun albasa. A ce tsohon adireshinsa `/2023/11/hanyoyi-7-adana-albasa` ne, kuma mujallar ta yanke shawarar tara rubuce-rubucen noma a sashe guda. A sabar Apache, layi ɗaya a fayil ɗin `.htaccess` ya wadatar:

```
Redirect 301 /2023/11/hanyoyi-7-adana-albasa /noma/adana-albasa
```

Bayan haka sai a gwada da wannan umarni:

```
curl -I https://example.com/2023/11/hanyoyi-7-adana-albasa
```

Layin farko na amsar ya kamata ya nuna `301`, sannan layin `Location` ya nuna sabon adireshin. Idan aka maimaita umarnin a kan sabon, ana son ganin `200`, alamar shafin yana nan lafiya. Aikin bai ƙare a nan ba. Duk mahaɗan da ke cikin gidan, a wasu rubuce-rubuce da jerin sassa da taswirar shafuka, sai an gyara su su nufi sabon adireshi kai tsaye. Karkatarwa an yi ta ne don mahaɗan waje waɗanda hannu ba ya kaiwa gare su. WordPress yana tuna tsohuwar wutsiyar rubutu na yau da kullum ya karkatar da kansa, amma bai kamata a dogara da wannan ba idan fasalin adireshin gaba ɗaya aka sauya, ko aka bar manhajar zuwa wata. Kowane tsohon adireshi mai muhimmanci sai an gwada shi.

Kura-kuran da aka fi yi suna da alamominsu. Idan bayan shekara aka sake mai da shafin `/noma/ajiyar-albasa`, aka ƙara sabuwar karkatarwa a kan ta farko, an sami sarƙa: na farko ya miƙa ga na biyu, na biyu ga na uku. Kowane zango ƙarin jira ne, kuma mai amfani da raunanniyar hanyar sadarwa shi ya fi jin sa. Injin Google ma yakan daina bi bayan zango 10. Gyaran shi ne a sa duka tsofaffin su nufi na ƙarshe kai tsaye. Mafi muni shi ne kewaye, inda sabon adireshi ke mayarwa ga tsohon, burauzar Chrome ta gaji ta nuna `ERR_TOO_MANY_REDIRECTS`. Wannan yakan faru ne idan aka koma wa tsohuwar wutsiya aka manta ba a goge umarnin da ke korar mutane daga gare ta ba.

Akwai kuma inda karkatarwa ba ta dace ba. Shafin da aka goge, wanda ba shi da magaji, kamar tallan aikin da wa'adinsa ya wuce, gara a bar shi ya ba da `404`, ko `410` wadda ke nufin an cire shi da gangan. Tattara irin waɗannan a tura su shafin farko cutar mai karatu ce, domin ya zo neman abu guda ya tsinci kansa a wani wuri ba tare da bayani ba, kuma Google kan ɗauki irin wannan tamkar `404`. Ana karkatarwa ne kawai zuwa shafin da ke amsa tambayar da tsohon ke amsawa.

Dangane da tsawon lokacin riƙe karkatarwa, shawarar Google ga masu ƙaura ita ce aƙalla shekara ɗaya, don injinsa ya gama gane sauyin. Wannan lissafin injin bincike ne kawai. Mahaɗin da ke cikin littafi, ko takardar ɗalibi, ko tsohon saƙo, ana iya danna shi bayan shekara goma, kuma layi ɗaya a fayil ba ya cin komai, don haka barin sa ya fi goge shi. Idan ƙaurar ta sauya suna ce, dole a ci gaba da biyan kuɗin sabunta tsohon sunan, domin ranar da ya kuɓuce duk karkatarwar da ke kansa ta mutu, kuma wani na iya sayen sa ya karɓi masu ziyarar.