Tankin da ake ɗura masa ruwa, ana kuma ɗiba

A unguwar Zariya, cikin Maradi, akwai gidajen da ke da tankin ajiye ruwa bisa ƙafafun ƙarfe ko bisa soro. Ruwa na shiga ta tiyo daga sama, yana fita ta robine a ƙasa. Mai tanki yakan so ya san abu biyu: minti nawa tankin zai yi ya cika, kuma minti nawa zai yi ya ƙare. In ƙofa ɗaya ce a buɗe, lissafin ba wuya. Inda mutane ke ruɗewa shi ne sa'ad da ruwa ke shiga, yana kuma fita a lokaci guda. Wannan shi za mu bi a hankali yau.

Abu na farko: cikin tanki

Da lita ake auna ruwa. Bido babba, irin wanda ƴan ga-ruwa ke jerawa cikin kura, yana cin lita 25. Tono yana cin lita 200, wato bido 8. Tankin roba kuwa, galibi an rubuta yawan litarsa a jikinsa. Ka duba, za ka ga lamba kamar 1000 ko 2000.

Mu ɗauki tanki mai lita 2000. Tono 10 ke nan, ko bido 80. Da shi za mu yi aiki.

Abu na biyu: ƙarfin ruwa

Ƙarfin ruwa shi ne lita nawa ke zuba cikin minti ɗaya. Ba a saninsa da ido. Aunawa ake yi, kuma bido da agogo sun isa.

Ka tara bido a bakin tiyon da ke kawo ruwa, a can sama inda yake zuba cikin tanki. Ka dubi agogo. In bidon ya cika cikin minti ɗaya, to ruwa na shiga lita 25 a minti. In sai da ya yi minti biyu, rabin haka ke shiga.

Sai ka sauko wurin robine, ka buɗe shi duka, ka tara bokiti mai lita 10. A ce ya cika cikin rabin minti. To, a minti ɗaya bokiti biyu zai cika, lita 20 ke nan.

Yanzu muna da lambobi uku a hannu. Tanki lita 2000. Shiga lita 25 a minti. Fita lita 20 a minti.

In ƙofa ɗaya ce a buɗe

Mu rufe robine, mu bar tiyo yana zuba. Kowane minti tanki na samun lita 25. Sau nawa 25 za ta shiga cikin 2000? Sau 80. Tanki zai cika cikin minti 80, wato awa ɗaya da minti 20.

To, ga tanki ya cika. Mu rufe tiyo, mu buɗe robine. Kowane minti lita 20 na fita. In ka raba 2000 gida 20, za ka sami 100. Ruwan zai ƙare cikin minti 100, wato awa ɗaya da minti 40.

Ƙa'idar guda ce: yawan lita, a raba shi da litar da ke zuba a minti ɗaya.

In duka biyu suna buɗe

Ga tanki ba ko ɗigo. Ƙarfe 6 na safe an saki ruwa yana shiga. Ga kuma maƙwabta sun jera bido, robine a buɗe ba hutawa. Yaushe tanki zai cika?

Wani zai ce, "A tara 80 da 100, minti 180 ke nan." Wani ya ce, "A'a, a ɗebe 80 daga 100, saura minti 20." Duka biyun ba daidai ba ne. Dubi na biyun ma. Tankin da ke cin minti 80 alhali ba mai taɓa ruwansa, ƙaƙa zai cika cikin minti 20 ana ɗiba? Hankali bai ɗauka ba.

Ba mintoci ake tarawa ko ɗebewa ba. Lita ake ɗebewa. Ka tsaya kan minti ɗaya tak, ka ga abin da ya faru a cikinsa. Lita 25 ta shiga, lita 20 ta fita. Me ya zauna cikin tanki? Lita 5. Minti na biyu ma lita 5, sun zama 10. Minti na uku, 15. Kamar ɗan kasuwa ne da ke samun dala 25 a yini, yana kashe 20 a cefane. Abin da ke shiga asusu dala 5 ce.

Saboda haka da 5 za mu raba. In ka raba 2000 gida 5, za ka sami minti 400. Awa ɗaya minti 60 ce. Awa 6 minti 360 ke nan, saura minti 40. Tankin da aka fara ɗurawa ƙarfe 6 na safe ba zai cika ba sai ƙarfe 12 da minti 40 na rana.

Kun ga bambanci? Robine a rufe, awa ɗaya da minti 20. Robine a buɗe, awa 6 da minti 40. Tanki ɗaya, tiyo ɗaya. Shi ya sa mai son tankinsa ya kwana cike yakan ɗura da dare, sa'ad da ba mai ɗiba.

In akwai sauran ruwa a ciki tun farko, kada ka raba 2000. Ka raba abin da ya rage a cika. In tanki na rabi, lita 1000 ce ta rage. A raba gida 5, minti 200 ke nan.

In fita ta fi shiga

Ruwan famfo ba ƙarfi ɗaya gare shi ba kullum. Da safe, sa'ad da kowane gida ya buɗe nasa, yakan yi sanyi. A ce ka sake aunawa ƙarfe 7, ka tarar lita 12 kawai ke shiga a minti. Robine kuwa yana nan yana ba da 20.

Yanzu tanki asara yake yi. A ɗebe 12 daga 20, saura 8. Kowane minti lita 8 na raguwa. In tankin cike yake, a raba 2000 gida 8, za a sami minti 250, wato awa 4 da minti 10. Wajen ƙarfe 11 da minti 10 ruwa zai ƙare, alhali kana jin ƙarar zubarsa a sama. Mai gida da bai yi wannan lissafi ba sai ya ce tankinsa na yoyo. Ba yoyo ba ne. Masu ɗiba ne suka fi tiyo ƙarfi.

In kuwa shiga da fita sun zo daidai, 20 da 20, ruwa zai tsaya inda yake. Ba ya hawa, ba ya sauka, ko za a yini.

Inda lissafin ke kuskurewa

Wannan lissafi ya ɗauka cewa robine na ba da lita 20 daga farko har ƙarshe. Ga tankin da ke can sama da nisa, robine kuma a ƙasa, kusan haka ne. Amma tankin da ke zaune a ƙasa dabam yake.

Mu je Jiratawa, kudu da Maradi, inda ake noman rani da ruwan da inji ke jawowa daga ƙarƙashin ƙasa. A ce mai lambu ya gina tankin siminti a ƙasa, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1, zurfinsa mita 1. Daga ciki ake aunawa, ban da kaurin bango. A ninka ukun: 2 sau 1 sau 1, ya ba da 2. Kowane ɗaya lita 1000 ce, domin ramin da ke da mita ɗaya ta kowace fuska lita 1000 yake ci. Wannan tanki ma lita 2000 ne. Yana da mafita a gindinsa, inda ruwa ke bi zuwa fangalin zogale da tumatir.

A nan nauyin ruwan da ke sama shi ke turo na ƙasa waje. In tanki na cike, ruwa na fita da ƙarfi. Yana raguwa, ƙarfin na raguwa. In zurfin ruwa ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ke fita rabi ne. Mafitar da ke ba da lita 20 tanki na cike, lita 10 za ta ba da in saura lita 500. Shi ya sa irin wannan tanki, in ba abin da ke shiga, yakan ci wajen ninki biyu na lokacin da lissafi ya faɗa. Maimakon minti 100, sai ya kai kusan 200.

Ga wani abin lura kuma. A ce inji na zuba lita 10 a minti, mafita a buɗe. Lissafi zai ce ana asarar lita 10 a minti, ruwa zai ƙare cikin minti 200. Amma ba zai ƙare ba. Zai yi ta sauka, yana rage sauri, har ya kusa lita 500. A nan fita ta dawo 10, shiga ma 10. Sai ruwa ya tsaya. Dabarar ita ce ka auna mafita sau biyu ko uku: tanki na cike, yana rabi, da kuma ya kusa ƙarewa.

Shiga ma takan sauya. A Tibiri ko wani gari, in da hasken rana inji ke aiki, ruwan tsakar rana ya fi na hantsi da na la'asar ƙarfi. Lambar da ka auna da azahar kada ka yi aiki da ita da sassafe.

In kana zargin yoyo na gaskiya, ga yadda za ka gane. Da dare ka rufe tiyo, ka rufe robine, ka sa alama inda ruwa ya tsaya. Da safe ka duba. A tankin siminti da muka auna, in ruwa ya sauka santimita 5, lita 100 ta tafi, bido 4 ke nan. Yoyo ƙofar fita ce ta biyu. In za ka yi lissafi, ka tara shi da abin da robine ke fitarwa, kana ka nemi mai gyara.

Tambayoyi

1. Tanki mai lita 1000, ruwa na shiga lita 30 a minti, yana fita lita 20. Minti nawa zai yi ya cika?

2. Wannan tanki na cike. Lita 10 na shiga, lita 15 na fita. Minti nawa zai yi ya ƙare? Awa nawa ke nan?

3. Ka auna robinen gidanku ko na unguwarku da bido da agogo. Ka rubuta lita nawa yake ba da a minti ɗaya da safe, da kuma da dare. Ka kawo amsar aji.