Kwana Talatin Kafin a Soke: Yadda Ake Rubuta Wa Mai Bashin Inshora Takardar Adalci

Akwai wani gajeren saƙo da kan faɗo wayar masu inshora, wanda duk tsawonsa bai wuce layi ɗaya ba: an soke yarjejeniyarka saboda rashin biya. Ba a faɗi nawa ake bi ba, ba a faɗi ranar da kariyar ta tsaya ba, balle a nuna wa mutum ƙofar da zai bi ya dawo. Wanda ya shekara uku yana zubi sai ya karanta ya ce dama an faɗa masa, 'yan inshora sun iya karɓa ba su iya bayarwa ba. Kamfanin ya yi asarar abokin hulɗa, shi kuma ya yi asarar kariyar da watakila naira dubu goma kacal za ta ceto.

Kafin ma'aikaci ya ɗauki biro, sai ya san wace irin yarjejeniya ce a gabansa, domin ba kowace ke da sassauci ba. A Najeriya, sashe na 50 na tsohuwar dokar inshora ta 2003 ya tanadi ƙa'idar da aka fi sani da "ba biya, ba kariya", kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta tsananta aiwatar da ita daga 1 ga Janairu, 2013. Ma'anarta ita ce sai kuɗi sun shiga sannan kariya ta fara. Don haka mai motar da takardarsa ta shekara ta ƙare bai sabunta ba, ba soke masa aka yi ba, wa'adinsa ne ya cika, kuma abin da ya kamata a aika masa tunatarwa ce tun kafin ranar. Takardar sokewa ta fi shafar yarjejeniya mai dogon zango da ake biya kashi-kashi, kamar inshorar rai, ko ta ajiyar karatun yara, ko takaful na iyali, inda ake kiran zubin da suna gudummawa. A irin waɗannan ne ake samun wa'adin sassauci, wato 'yan kwanakin da ake ƙara wa mutum bayan ranar biya ta wuce, kariyarsa na nan daram. Kwana talatin ne aka fi gani, amma abin dogaro shi ne abin da ke rubuce a yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Takardar gargaɗi ba ta da ikon rage kwana ko ɗaya daga ciki.

A Nijar, Kamaru da Chadi, inda ake aiki da dokar inshora ta bai-ɗaya ta ƙungiyar CIMA, an ma tsara matakan a cikin doka game da inshorar rai. Idan kwana goma suka wuce ba a biya ba, kamfani zai aika wasiƙa mai rajista, ya sanar da mutum cewa yana da kwana arba'in daga ranar aikawa. Sai sun cika ba tare da biya ba ake soke yarjejeniyar, ko a rage ta idan ta riga ta tara daraja. Abin lura a nan shi ne lissafin kwana arba'in ɗin yana farawa daga ranar da aka aika wasiƙar, don haka kamfanin da bai aika ba ba shi da ranar da zai fara ƙirge.

A ɗauki misalin wata malamar firamare a Kano, mai inshorar rai ta naira miliyan biyu, tana biyan naira 10,000 ranar ɗaya ga kowane wata. Albashin Fabrairu ya yi jinkiri, banki ya je cirewa ranar 1 ga Maris ya tarar ba kuɗi a asusun. Yarjejeniyarta ta ba ta kwana talatin. Ranar farko a ƙirge ita ce 2 ga Maris, ta talatin kuwa 31 ga Maris. Wannan ɗan lissafi aikin kamfani ne, bai kamata a bar wa malamar shi ba. Takardar da ta ce "ki biya cikin kwana talatin" ta shuka gardama, domin ita za ta ƙirga daga ranar da saƙon ya iso mata, kamfani kuma daga ranar da kuɗin suka wajaba. Rana da wata da shekara ake rubutawa, har da ƙarfe nawa in so samu ne.

Ga yadda zuciyar takardar za ta iya kasancewa:

"Malama, bayan gaisuwa. Kuɗin inshorarki na watan Maris, naira 10,000, waɗanda ya kamata su shigo ranar 1 ga Maris, 2026, ba su iso mana ba. Kariyarki tana nan tana aiki har zuwa ƙarfe 12 na daren Talata, 31 ga Maris, 2026. Idan kika biya kafin lokacin, ba abin da zai canza. Idan ba a biya ba, kariyar za ta tsaya daga ranar 1 ga Afrilu, kuma ba za mu biya diyyar abin da ya faru daga wannan rana ba har sai an maido da yarjejeniyar. Idan kin riga kin biya, ki turo mana hoton rasit domin mu gyara lissafinmu."

Sai a biyo da lambar yarjejeniya, lambar asusun kamfanin da sunan da zai fito a kansa, da lambar wayar da mutum ke ɗagawa.

Jumlar ƙarshe ta misalin nan ba ta ladabi kawai ba ce. Sau da yawa mutum ya biya, matsalar daga wani wuri take. Ko ya miƙa kuɗin hannu da hannu ga ejan, ejan bai kai ba tukuna, ko ya tura ta waya bai rubuta lambar yarjejeniyarsa ba, kuɗin suka zauna a asusun kamfani ba a san mai su ba. Shi ya sa kafin a aika takardar ake fara duba kuɗin da suka shigo ba suna, a kuma tuntuɓi ejan ɗin da ke riƙe da mutumin. Zargin wanda ya biya da ƙin biya ya fi rashin aika takardar muni. Saboda haka ne ma gogaggun ma'aikata kan rubuta "ba su iso mana ba" maimakon "kin ƙi biya". Ta farko ta faɗi abin da kamfani ya sani, ta biyu ta yanke hukunci a kan abin da bai sani ba.

Wani wurin da ake yawan yin rowar bayani shi ne matsayin kariya a cikin kwanakin sassauci. A ƙaddara malamar ta rasu ranar 20 ga Maris, bashin wata ɗaya na kanta. A bisa tsarin da aka saba a inshorar rai, magadanta na da haƙƙin diyya, sai dai a cire kuɗin watan da ba a biya ba: a ba su naira 1,990,000. Iyalan da suka ga takarda mai taken "sokewa" a cikin kayanta, ba tare da an bayyana cewa kariya na aiki har ƙarshen wata ba, za su iya ɗauka komai ya rushe su haƙura. Don haka taken takardar farko ya kamata ya nuna gargaɗi ce. Takardar sokewa ta ainihi ita ce ta biyu, wadda ake aikawa bayan 31 ga Maris, ta tabbatar da ranar da kariya ta tsaya.

A takarda ta biyun ne ake shimfiɗa hanyar dawowa, kuma a nan ake gane kamfanin da ke son mutum ya dawo da wanda ke neman rabuwa da shi. Cewa "ki tuntuɓi ofishinmu" ba hanya ba ce. Sai a faɗa mata har zuwa wace rana aka yarda ta nemi maidowa, gwargwadon yarjejeniyarta, da abin da za ta kawo, da nawa za ta biya. Idan malamar ta farfaɗo ta zo ranar 10 ga Yuni, bashinta ya haɗa Maris, Afrilu, Mayu da Yuni, naira 40,000 ke nan. In akwai wani ƙari na jinkiri ko kuɗin maidowa, a rubuta adadinsa da sashen yarjejeniyar da ya halatta shi. Masu takaful kuwa sai su kula kada a kwafo musu jumlar "bashi tare da ruwa" daga takardun kamfanonin inshorar da aka saba, domin gudun riba ne ya kawo yawancin mahalartansu.

Sannan batun lafiya. Kamfanoni kan nemi wanda ya daɗe da yankewa ya cike takardar bayanin lafiyarsa, wani lokaci har ya ga likita. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan ba a tambaya ba, mutum zai iya barin zubi shekara guda, sai ranar da asibiti suka ba shi mummunan labari ya garzayo ya biya bashi. Wannan cuta ce ga sauran masu zubi. Amma adalci ya ce a sanar da malamar tun farko cewa za a tambaye ta, kuma kamfani na iya amincewa, ko ya canza sharaɗi, ko ya ƙi. A faɗa mata cikin kwana nawa za ta ji amsa, da cewa za a mayar mata da naira 40,000 ɗinta idan an ƙi. Mafi muhimmanci, a bayyana ranar da kariya ke komawa aiki, ko ranar da kuɗi suka shiga ce ko ranar da kamfani ya amince a rubuce. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akan samu mako ɗaya ko biyu, kuma duk abin da ya faru a cikinsu shi ke zama shari'a.

Idan yarjejeniyar mai ajiya ce kuma ta kwana biyu, to ta tara wani abu da ke na malamar ko da ta daina zubi. Takardar da ta yi shiru a kan wannan ta ɓoye mata dukiyarta. A rubuta nawa za ta karɓa idan ta zaɓi ficewa, da nawa kariyar za ta koma idan ta zaɓi a bar ta a rage ba tare da ƙarin biya ba.

Saura isar da saƙon. Adireshi a garuruwanmu kan zama "bayan masallacin Juma'a", mutane kuma suna canza layi, don haka hanya ɗaya ba ta isa ba. A haɗa takarda da saƙon waya da kira, a adana shaidar ranar da aka aika kowanne, a kuma rubuta da harshen da mutumin ke karantawa. A ƙasan takardar a sa inda zai kai kuka: sashen ƙorafi na kamfanin da farko, in bai gamsu ba ya wuce ofishin ƙorafe-ƙorafe na NAICOM, ɗauke da kwafin takardun biyu da rasit ɗin biyansa na ƙarshe.