Albashin da ke jiran lokacinsa

A kamfanonin fasaha na Amurka, sau da yawa ana haɗa wa sabon ma'aikaci albashi da damar sayen hannun jari. Ba kyautar hannun jarin aka yi masa ba. Izini ne na saye a ƙayyadadden farashi, kuma sai ya daɗe a aikin izinin zai nuna. Yawanci shekara 4 ake yankawa, rubu'in farko kuma sai an cika shekara guda.

A ce an ba ka damar sayen 4,000 a kan dala 10 kowane ɗaya. Shekara ta zagayo, 1,000 sun nuna, kasuwa ta kai dala 16. Cire 10 daga 16, saura 6, sau 1,000. Ribarka dala 6,000 ke nan, ba 16,000 ba, domin 10,000 daga aljihunka za su fito. Haraji ma yana jiran kasonsa.

In kuwa farashin ya sauko dala 9, damar ba ta da riba ko ta sisi a ranar. Wanda ya ajiye aiki a wata na 11 kuma hannu wofi zai tafi. Don haka, kafin ka yarda a rage maka tsabar albashi saboda wannan dama, ka nemi farashin sayen da ranakun nunar a rubuce.